Sashen About a LinkedIn: wane labari za ki bayar, kuma wa kike ba wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Na karanta ilimin ƙididdiga a BUK, na gama bautar ƙasa, kuma shekara uku ke nan ina aikin tattara bayanai a ƙauyuka wa ƙungiyoyi masu zaman kansu, kwangila bayan kwangila. Ina so in koma aikin sa ido da auna sakamakon ayyuka na dindindin. Abin da na rubuta a sashen About shi ne: "Matashiya ce mai ƙwazo da himma, mai son aiki tare da jama'a, tana neman wurin da za ta nuna basirarta." An ce min in mayar da shi labari da bakina, amma ina jin kunyar yabon kaina, kuma ban san ta ina zan fara ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ɗauki wannan jimlar taki, ki tuna 'yan ajinku na jami'a ɗaya bayan ɗaya, ki ga ko akwai wanda ba zai iya liƙa ta a shafinsa ba. Mai aikin banki za ta iya, mai koyarwa a firamare zai iya, har wanda bai taɓa yin aiki ba tun da ya gama zai iya. Ciwon ke nan. Na daɗe ina zama a kwamitocin tantance masu neman aiki, kuma irin wannan jimlar ido kan tsallake ta ne kawai, ba don ƙarya ce ba, sai don babu abin da za a kama a cikinta. Shekara uku kina shiga ƙauyuka da waya a hannu, kina fama da rana da rashin caji da mutanen da suka gaji da tambayoyi, amma ko ƙamshin wannan bai fito a rubutunki ba.

Kafin maganar labari sai mun daidaita maganar manufa, domin ita ce ke zaɓar labarin.

Mutum ɗaya kike yi wa magana

Wanda ya buɗe shafinki ba ya fara da About. Hotonki yake fara gani, da sunanki, da layin nan na Headline da ke ƙarƙashin suna. Sau da yawa daga nan sai ya zarce Experience ya duba inda kika yi aiki da tsawon lokacin. Idan abin da ya gani ya ɗan ja hankalinsa, sannan ya dawo About yana neman amsar wata tambaya da jerin ayyuka ba ya amsawa: wannan baiwar Allah ina ta dosa, kuma yaya take tunani idan aiki ya cije?

A naki lamarin tambayar ta fi haka kaifi. Jerin ayyukanki yana cewa mai tattara bayanai, mai tattara bayanai, mai kula da masu tattara bayanai, duk na wata biyu ko uku. Wanda ke neman jami'ar sa ido zai kalli wannan ya ce a ransa, ta iya cike fom, amma ta iya tsara shi? Ta iya gane cewa bayanan da aka kawo ba su da inganci? Za ta iya zama da manajan shiri ta gaya masa abin da lambobin ke nufi? Wannan shakkar ita ce aikin da About ɗinki zai yi. Ba ya da wani aiki sama da shi.

Saboda haka ki ɗauki biro ki rubuta jimla ɗaya a takarda, wadda ba za ta shiga shafin ba: "Ina so shugaban sashen sa ido na wata ƙungiya da ke aikin noma ko abinci a Arewa ya karanta, ya yarda na wuce cike fom, ya aiko min saƙo." Duk abin da za ki saka daga baya sai ki auna shi da wannan jimlar. Kin taɓa sayar da atamfa a makaranta, kin yi kwas ɗin ɗinki, kina son rubutun waƙa, duk gaskiya ne kuma babu laifi, amma ba su taimaki wannan mutumin ya yanke shawara ba. A bar su.

Inda mutane da yawa ke karyewa shi ne tsoron rufe ƙofa. Sai mutum ya ce yana neman aikin gudanarwa ko na bayanai ko na hulɗa da jama'a ko duk abin da Allah Ya kawo. Na fahimci dalilin, domin aiki ya yi wuya kuma kowa na gudun ya ƙi wata dama. Amma mai ɗaukar ma'aikata gurbi ɗaya ne a hannunsa. Idan ya ga mutum biyu, ɗaya ta ce ita wannan gurbin take so kuma ga dalili, ɗayar ta ce komai ma za ta yi, kin san wadda zai kira. Kuma shafin naki ne, ranar da manufarki ta sauya sai ki sake rubutawa.

Labarin ba tarihin rayuwa ba ne

Da aka ce miki ki ba da labari, ba a ce ki fara daga haihuwa a unguwa kaza, firamare kaza, tun ina ƙarama nake son lissafi ba. Wannan salon ya cika shafukan mutane har ya gundura. Abin da ake so shi ne waƙi'a guda daga cikin aikinki, wadda ta faru a wani wuri a wani lokaci, aka samu matsala, kika yi wani abu da hannunki, wani abu ya canza. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu gaba ɗaya, ɗan abin da ya ɗebo a tafin hannu yake dubawa ya yanke hukunci a kan sauran. Waƙi'ar nan ita ce abin da ke tafin hannu, don haka dole ta kasance irin ta sauran aikinki, ba wadda aka tsince don ado ba.

Shi ya sa bayan saƙonki na aika miki tambayoyi uku: yaushe ne aiki ya kusa lalacewa kika gyara, mene ne abokan aikinki ke zuwa wurinki su tambaya, kuma wane abu ne kika yi wanda ba a cikin takardar kwangilarki yake ba. Amsarki ta farko ita ce babu wani abu na musamman. Kusan kowa haka yake cewa. Sai can ƙasa, kamar abin da ba shi da muhimmanci, kika kawo maganar awo, kuma ita ce zinariyar.

Ga yadda kika faɗa min. A wani binciken amfanin gona a Jigawa, kina kula da mutum 12 masu tattara bayanai daga gidaje kusan 600. Fom ɗin yana tambayar yawan abin da manomi ya girbe da kilo. Manomi kuwa ba ya lissafi da kilo. Zai ce ya samu dami kaza na gero, ko buhu kaza, ko tiya kaza ta wake. Kowane mai tattarawa sai ya juya a kansa yadda ya ga dama: wani ya ɗauki buhu a matsayin kilo 100 irin na masara, wani ya ɗauke shi kilo 50 irin na taki, wani kuma ya rubuta adadin damin a gurbin kilo ya wuce. A daren kwana na uku kina duba abin da aka tura sai kika ga maƙwabta biyu masu gona kusan girma ɗaya, ɗaya ya girbe kilo 40, ɗayan kilo 2,000. Kika kai wa shugaban binciken, kika nemi a gyara fom ɗin da ke manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ta yadda za a zaɓi ma'aunin da manomi ya ambata a rubuta adadinsa, juyawar zuwa kilo kuma a bar wa fom ɗin bayan an auna samfur a kasuwar garin. Aka amince, aka sake komawa gidajen kwana ukun farko.

Duba abin da wannan ɗan labarin ya ɗauko ba tare da kin yabi kanki ko sau ɗaya ba. Ya nuna kina duba bayanai tun ana cikin aiki, ba sai an gama ba. Ya nuna kin san yadda ake gina fom, kin san manoma da harshensu da ma'auninsu, kuma kina da ƙarfin halin zuwa wurin na gaba da ke ki ce akwai matsala. Waɗannan su ne amsar shakkar da muka ambata. Da kin ba ni labarin ranar da motarku ta maƙale a laka kuka kwana a hanya, ya fi daɗin ji, amma juriya kawai yake nunawa, kuma ba wanda ke shakkar juriyar mai tattara bayanai.

Maganar kunya

Da "yabon kai jahilci" aka rene mu, kuma gaskiya ne. Amma ki lura da wane rubutu ne yabon kai a cikin biyun. Wanda ya ce "mai ƙwazo da himma da basira" hukunci ne kika yanke wa kanki, kika nemi a yarda ba shaida. Wanda ya ce ga abin da ya faru a Jigawa, ga abin da na yi, bayani ne kawai, hukuncin kuma an bar wa mai karatu. Tsohon rubutunki ne ke yabo, sabon ba ya yi. Malamai kan kafa hujja da Annabi Yusuf, alaihis salam, lokacin da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar ya kuma ambaci cewa shi mai tsarewa ne masani, a aya ta 55 ta surarsa, cewa mutum ya faɗi abin da ya iya a inda ake buƙatar saninsa ba aibi ba ne.

Kunyar nan tana ɓuya a wurare biyu a rubutu. Na farko shi ne magana a kan kai kamar wata ce daban: "matashiya ce, tana neman". Wannan salon na takardar gayyatar taro ne, inda mai gabatarwa zai karanta tarihin baƙo. A shafin da kowa ya san ke kika rubuta da hannunki, yana sa nisa tsakaninki da mai karatu, wani lokacin ma ya fi kama da girman kai. Na biyu shi ne "mu". Mun gano, mun gyara, mun kammala. Idan komai "mu" ne, mai tantancewa ba zai san ko ke ce kika gano matsalar ko kina cikin motar ne kawai ba. Ƙa'idar da nake ba mutane mai sauƙi ce: abin da kika yi ki ce "na", abin da aka yi tare ki ce "mun", abin da wani ya yi ki ba shi abinsa. "Na lura, na kai wa shugaban binciken, ya amince, muka sake komawa." Jimla ɗaya ta ɗauki ukun, kuma ta fi kama da gaskiya fiye da wadda ke nuna ke kaɗai kika ceci aikin.

Girman wurin da abin da ke fara bayyana

LinkedIn yana ba sashen About haruffa 2,600, har da sararin da ke tsakanin kalmomi. Ba dole ki cika ba. Ga mai shekara uku a aiki, tsakanin haruffa 1,200 da 1,600 ya wadatar, wato gajerun sakin layi huɗu ko biyar. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne layuka kaɗan na farko ne kawai ke bayyana, sauran sai an danna "see more", kuma inda yake yankewa ya danganta da faɗin allon. Idan kin ƙone waɗannan layukan da gaisuwa da "barka da zuwa shafina", ba wanda zai danna.

Akwai masu ba da shawarar a buɗe da tsakiyar labari don a ja hankali, kamar a ce "Daren kwana na uku ne na ga lambar da ta hana ni barci." Ga marubuci ko mai talla wannan na iya yin aiki. Ga mai neman aikin sa ido ban ba ki shawararsa ba, domin wanda ke duba shafuka da yawa a zama ɗaya so yake ya san nan take ko ke ce irin wadda yake nema. Ki buɗe da abin da kike yi da wanda kike yi wa, a jimla ɗaya ko biyu, ki bar ƙofar labarin a buɗe a ƙarshensu. Ga yadda zan tsara naki:

*Aikina shi ne tabbatar da cewa bayanan da ake kawowa daga gona sun cancanci a yanke shawara a kansu. Shekara uku ina tattarawa da tace bayanan noma da abinci a ƙauyukan Kano da Jigawa, kuma darasi mafi girma daga buhun gero na koye shi.*

*A wani binciken gidaje kusan 600, ina kula da mutum 12. Fom ɗin na tambayar girbi da kilo, manoma na amsawa da dami da buhu da tiya, kowane ma'aikaci na juyawa a kansa. A kwana na uku na ga maƙwabta biyu masu gona kusan ɗaya, bambancin girbinsu ya ninka sau 50. Na kai wa shugaban binciken, na sake tsara tambayar a KoboToolbox ta karɓi ma'aunin manomi ta yi juyawar da kanta. Muka sake ziyartar gidajen farko, aka kammala da bayanan da za a iya kwatantawa.*

*Tun daga nan ba na jiran ƙarshen bincike kafin in duba inganci. Kowane dare nakan tace abin da aka tura a Excel, in ware lambobin da suka fita daban, in tattauna su da ma'aikatan kafin su fita da safe. Ina tsara fom da XLSForm, ina horar da masu tattara bayanai da Hausa da Turanci, yanzu kuma ina koyon Power BI.*

*Ina neman aikin jami'ar sa ido da auna sakamako, M&E ko MEAL, a shirin noma ko samar da abinci a Arewacin Najeriya. Idan ƙungiyarku na da irin wannan gurbin, ku aiko min saƙo a nan.*

Bari in nuna miki wasu ɗinkin da ba za ki lura da su ba a karatun farko. Sakin layi na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kuma idan babu shi labarin ya zama abin da ya faru sau ɗaya aka wuce. Shi ne ke mayar da waƙi'ar ta zama ɗabi'ar aiki, ya ce wa mai karatu ga abin da zai samu kullum idan ya ɗauke ki. Sannan na rubuta "ina koyon Power BI", ban ce kin ƙware ba, domin kin gaya min kwas kike yi. Duk kalmar da ke shafin nan tambayar intabiyu ce da kika ba su da hannunki. Idan kin rubuta ƙwarewa, za a iya buɗe miki kwamfuta a ce bismillah.

Kuma ki lura ban ce gyaran da kika yi ya ƙara ingancin bayanai da kashi kaza cikin ɗari ba. Na san ana yawan cewa a saka lambobi, sai mutane su ƙago su. Wanda aikinsa auna sakamako ne, da ya ga irin wannan kason, tambayarsa ta farko ita ce da me aka auna, daga nawa zuwa nawa. Idan ba amsa, kin faɗi jarrabawar sana'ar da kike nema tun kafin a kira ki. Lambobin da na bari su ne waɗanda kika ƙirga da idonki: mutum 12, gidaje kusan 600, kilo 40 da kilo 2,000 waɗanda suka ba da ninki 50.

Na'ura ma tana karantawa

Masu ɗaukar ma'aikata da yawa ba jiran takardu suke yi ba, bincike suke bugawa. Wani zai rubuta abu mai kama da wannan, ya kuma taƙaita wuri zuwa Kano ko Najeriya:

```
("M&E" OR MEAL) AND KoboToolbox AND Hausa
```

Shafin da ke ɗauke da waɗannan kalmomin yana da damar fitowa, wanda ya ce "na iya manhajojin tattara bayanai" ba tare da ambaton suna ba yana iya ɓacewa. Saboda haka ki nemo tallan aiki biyar ko shida na irin gurbin da kike so, a ReliefWeb, shafin labarai da tallan ayyukan ƙungiyoyin agaji, ko a LinkedIn ɗin kansa, ki ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka maimaitu. Waɗanda gaskiya ne a kanki su shiga cikin jimlolinki, kamar yadda na saka su a sama, su kuma shiga Headline da Skills. Kada ki jibge su jere a ƙasa kamar jerin cefane, mutum na gani ya san don na'ura aka yi.

Abu ɗaya da ke lalata wannan ba tare da mutum ya sani ba: sashen About ba ya da maɓallin kaurara rubutu, sai wasu su je wani shafi su kwafo haruffa masu kauri ko masu lanƙwasa su liƙa. A ido suna kama da haruffa, amma a wurin na'ura alamomi ne daban. Idan kin rubuta KoboToolbox da su, bincike na iya kasa gane kalmar, kuma manhajar da makafi ke sauraron rubutu da ita takan rikice a kansu. Rubutu fili da sarari tsakanin sakin layi ya isa.

Game da harshe, tunda masu ɗaukar irin aikinki a Najeriya da Turanci suke bincike, da shi za ki saka. Amma kada ki fara da shi. Ki ɗauki waya ki naɗi muryarki kina ba wata ƙawarki labarin awon nan da Hausa, ki saurara, sannan ki rubuta da Turanci mai sauƙi irin wanda za ki iya faɗa da baki. Na sha ganin wanda ya zauna ya fara da Turanci kai tsaye, nan da nan manyan kalmomin takardar neman aiki su dawo su cinye labarin. Idan wata rana kin nufi aiki a Maraɗi ko Yamai, LinkedIn yana ba da damar ƙara shafin a harshe na biyu, sai ki yi na Faransanci.

Abin da ba ya shiga

Labarin aiki ba naki ke kaɗai ba ne. Ƙungiyar da kika yi wa binciken, da wanda ya tsara fom ɗin farko, duk suna cikinsa. Shi ya sa ban ambaci sunan ƙungiyar a cikin labarin ba, ban ambaci ƙauyen ba, ban kuma rubuta shi ta yadda zai zama kin tona asirin wani ya yi sakaci ba. Fom ne ya tambayi kilo, shi ke nan. Mai karatu da ya ga kina kushe tsohon wurin aikinki a bainar jama'a zai yi tunanin gobe shi ne. Idan kin sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, ki sake karanta ta, kuma sakamakon binciken kansa, wato abin da aka gano game da girbin mutanen, ba naki ba ne da za ki wallafa. Yadda kika yi aikin ne naki.

Abubuwan da muka saba jerawa a saman takardar CV, ranar haihuwa da ƙaramar hukuma da aure da addini, ba wurinsu ba ne. Lambar wayarki ma ban so ta zauna a fili ba, musamman ke mace. Masu damfarar ɗaukar aiki suna bin irin waɗannan shafukan, su kira su ce an zaɓe ki sai ki biya kuɗin fom ko na horo. Saƙon cikin manhajar ya isa, ko adireshin imel da kika ware don aiki.

Kada kuma ki ɗora wa wannan sashen abin da ba zai iya ba. Ƙungiyoyi da yawa ta shafinsu na neman aiki suke ɗauka, da CV da wasiƙa, kuma wasu ba za su leƙa LinkedIn ɗinki ba sai kin shiga jerin 'yan kaɗan na ƙarshe. Aikin gwamnati ma hanyarsa daban ce. Inda About ke tasiri shi ne lokacin da wani ya ambaci sunanki aka je dubawa, ko bincike ya fito da ke, ko daren da ya gabaci intabiyu ɗan kwamiti ya buga sunanki. A waɗannan lokutan abin da ke kashe mutum shi ne saɓani: About ya ce shekara uku, Experience ya nuna shekara ɗaya da rabi domin ba a saka ƙananan kwangilolin ba. Ki saka su, ko ki haɗa su ƙarƙashin shigarwa ɗaya mai kwanan wata na gaskiya.

Yadda za ki gane ko ya yi aiki

Kafin ki saka, ki ba wani da bai san aikinki ba ya karanta sau ɗaya, ki karɓe wayar, ki tambaye shi wane aiki kike nema kuma me ya tuna. Idan ya ce "aikin ƙungiyoyi" manufar ba ta fito ba. Idan ya ce "wadda ta gyara lissafin buhu, tana son aikin sa ido", an gama. Bayan kin saka, ki buɗe shafin a waya ki ga daidai inda ya yanke, ki tabbata sunan aikinki da wurin sun riga yankewar.

Daga nan sai ki ba shi makonni. A sashen Analytics na shafinki akwai Search appearances, wanda ke nuna sau nawa kika fito a bincike a mako, yakan kuma nuna irin muƙaman da aka same ki da su. Yawan ba shi ne abin dubawa ba, irin su ne. Idan har yanzu a matsayin mai tattara bayanai ake samun ki, kuma saƙonnin da ke zuwa na kwangilar sati biyu ne, kada ki taɓa labarin tukuna. Ki fara da Headline, domin galibi shi ne ke riƙe da tsohon suna, sannan ki duba bayanin da ke ƙarƙashin kowane aiki a Experience ki tabbata tacewa da tsara fom da horarwa sun fito a can ma. Idan kuma mutanen da suka dace suna leƙowa amma ba sa magana, to layukan farko ko sakin layin ƙarshe ne ke da rauni, sai ki sauya ɗaya daga cikinsu kawai, ki jira wasu makonnin kafin ki taɓa ɗayan.